Tela ne ni, littafi zan riƙe ko kalandar waya ko manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, ina da yara biyu a shago. Duk Sallah sai na ji kunya, kwastoma ya zo karɓar kaya a tarar ko yankawa ba a yi ba. Ina rubutawa a littafi amma mantawa nake, wani ya ce in koma kalandar waya, wani ya ce manhajar jera ayyuka zan sauke. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yar da littafinka tukuna. Ina da yaƙinin ranar karɓa kawai kake rubutawa, kuma ita wannan ranar ba ta gaya maka yaushe za ka sa almakashi a yadi, shi ya sa ko wayar ka koma haka za a sake yi in ba ka gyara wannan ba.

Littafi shi ne na bakin teburi. Mutum na tsaye kana awo, tef a wuya, alli a hannu, ba lokacin buɗe waya ba ne. Awo, kuɗin da aka bayar da wanda ya rage, da ɗan ƙyallen yadin da ka yanko ka maƙala a shafin, duk littafi ya fi waya a nan, kuma yaranka za su iya dubawa ko ba ka nan, babu ruwansa da caji ko data. Aibinsa ɗaya ne, ba ya kiranka. Odar da ka rubuta sati uku da suka wuce tana can baya shafi goma sun danne ta.

To nan kalanda take shigowa, aikinta duk abin da yake da rana da lokaci. Bari mu ɗauki misali. An kawo shadda ranar Litinin 3 ga wata, kaftani mai aikin wuya, za a karɓa Alhamis 20 ga wata. Sai ka ƙirgo da baya: guga da maɓalli 19, haɗawa 18, mai surfani yana riƙe kaya kwana huɗu don haka ka kai masa 13 ka karɓo 17, yanka kuma 12. Ka ƙara kwana ɗaya saboda ɗauke wuta ko mai surfani ya saɓa, yanka ya koma 11, kai wa mai surfani kuma 12. Ka ga ranar da ya kamata wayarka ta yi ƙara 11 ce, ba 20 ba, don in sai 20 ta tuna maka to aikin gama ya gama. A Google Calendar abu biyu kawai za ka sa wa kowace oda, ranar yanka da ranar kai wa mai surfani, ka rubuta lambar shafin littafin a jiki, kamar "Yanka, shafi 41".

Kuma kalandar za ta nuna maka abin da littafi ke ɓoyewa. In ku uku kuna gama kaya uku a rana, kuna aiki kwana shida a sati, sati huɗu kaya 72 ke nan iyakarku. Ranar da ka buɗe ka ga yanka uku sun riga sun zauna, ta cika, na huɗu sai ka gaya masa gaskiya tun yana tsaye. Wallahi rabin jin kunyar Sallah daga karɓar abin da ya fi ƙarfin keke yake zuwa.

Abu biyu ka kiyaye. Ka tabbata kana ajiyewa a ƙarƙashin Gmail ɗinka, ba a cikin wayar kaɗai ba, in ba haka ba ranar da ta faɗi ko aka sace ta sun tafi tare. Sannan wasu wayoyin, tsarin tattalin batir yana hana tunatarwa fitowa, don haka ka gwada: sa ɗaya ta bayan minti goma, kulle wayar ka ajiye. In ba ta yi ƙara ba ka shiga saitin batir ka cire kalandar daga waɗanda ake takurawa.

Manhaja irin su Google Tasks ko Todoist kuwa ban ba ka shawararta yanzu ba. Ta fi dacewa da wanda yake yini a gaban waya ko kwamfuta, ayyukansa ƙanana ne birjik masu matakai kuma yawancinsu ba su da takamaiman awa. Kai in ka ɗauke ta rubutu uku za ka dinga yi wa oda ɗaya, sati biyu za ka gaji ka daina, a bar ka da jerin abubuwa talatin da suka wuce lokaci.

Kullum kafin ka rufe shago ka zauna minti biyar da littafin da wayar, duk odar da ta shigo yau ka ƙirgo mata da baya ka sa a kalanda, sai ka yi ɗan maki a kusurwar shafin alamar ta shiga. Shafin da ba shi da maki, shi za ka fara nema gobe da safe.