Kamfanoni biyar ne, amma kwando nawa?

"Salam 'yan uwa. Ina da hannun jari a kamfanoni biyar, amma wani ya ce min har yanzu ƙwaina a kwando ɗaya suke. Ta yaya zan gane, kuma nawa zan rasa idan ɗaya ya faɗi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da karɓar takardar CSCS ɗinka, wato takardar da ke nuna hannun jarin da kake da su, daga wurin dillalinka, ka ninka yawan hannun jarin kowane kamfani da farashinsa na yau. Na yau nake nufi, don kuɗin da ka saya da shi ba zai gaya maka komai ba a nan. Wanda ya fi tashi shi yake cinye kaso mafi girma ba tare da ka ƙara masa ko kwabo ba.

Bari in ba ka misali da naira miliyan 2. Banki na farko 900,000, banki na biyu 400,000, kamfanin siminti 300,000, na sadarwa 200,000, sukuk na gwamnatin tarayya 200,000. Raba kowanne da jimillar. Idan kuɗin suna B2 zuwa B6 a Excel:

```
=B2/SUM(B$2:B$6)
```

Bankin farko zai fito kashi 45 cikin ɗari. Sai ka ninka wannan kason da faɗuwar da kake tsoro. A ce ya faɗi da kashi 40: 0.45 sau 0.40 ya ba da 0.18, wato naira 360,000 sun tafi. Kamfanin sadarwa kuwa, ko da irin wannan faɗuwar, 80,000 kawai zai ci maka.

Inda ni na sha kashi shi ne ƙirga sunaye. A 2008 bankuna huɗu nake riƙe da su, ina ta murna wai na rarraba. Da kasuwar hannun jari ta Legas ta fara gangarawa daga watan Maris, tare suka sauko kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Kullum sai in buga wa dillali, ya ce masu sayarwa sun cika, mai saye babu. Saboda haka a misalin can ka haɗa bankunan biyu wuri guda: kashi 65 ne, faɗuwar kashi 40 kuma ta zama 520,000. Idan albashinka ma daga banki yake fitowa, to ka sa shi a lissafi.

Ka kuma lura, abin da ya faɗi da kashi 40 sai ya tashi da kusan kashi 67 kafin ya koma inda yake.

Ni yanzu ba na barin kamfani ɗaya ya wuce kashi 20, ɓangare ɗaya kuma, kamar na bankuna, kashi 35. Tsarina ne kawai, naka ya danganta da asarar da za ta bar ka ka yi barci. Duk wata uku nake sake lissafin, idan wani ya zarce sai in karkata sabon kuɗi da ribar da aka raba zuwa sauran, don sayarwa ma tana cin kamasho.