Maganaɗisu mai ƙarfi ko mai faɗi? Kayan nuna dokar Faraday da ta Lenz

*Ni malamar kimiyya ce. Ina so ɗalibaina su ga dokar Faraday da ta Lenz da idonsu, ta hanyar shigar da zoben waya cikin filin maganaɗisu. Na sayi ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi, na lanƙwasa waya, na jona ta da maltimita mai nuna lambobi, amma lambobin sai su ɗan motsa su koma sifili. Kuɗin abu ɗaya nake da shi. In ƙaro maganaɗisu mafi ƙarfi ne, ko in sauya mita?*

Malama, ki sauya mita. Ki nemi galbanomita mai allura, irin wadda sifilinta yake tsakiya, allurar tana iya karkata dama ko hagu. In kuɗi ya ragu, ki ƙara da ƙullin siririyar wayar jan ƙarfe mai rufin fenti. Maganaɗisu shi ne na ƙarshe a layi, kuma ranar da za ki saye shi, faɗinsa za ki duba kafin ƙarfinsa. Bari mu bi lissafin tare, domin shi ne zai nuna miki dalili.

Abin da Michael Faraday ya gano a 1831 shi ne maganaɗisu ba ya haifar da wuta a waya don kawai yana kusa da ita. Sai yawan layukan filinsa da ke ratsa cikin zoben ya sauya. Wannan yawan ana rubuta shi Φ, kuma idan fuskar zoben tana kallon filin kai tsaye, Φ = BA, wato ƙarfin filin a ninka da faɗin fuskar zoben da ke cikinsa. Ƙarfin turin da ke tasowa ya danganta ne da saurin sauyawar wannan yawan:

```
ε = −N ΔΦ/Δt
```

ε shi ne ƙarfin turin, wanda ake aunawa da bolt, N kuma adadin naɗin wayar. Alamar ragi da ke gaba kuwa ita ce dokar Lenz, za mu zo gare ta.

Yanzu ki ɗauki zobe mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimita 3. A gabansa akwai fili mai ƙarfin tesila 0.1, ki tura shi ciki da saurin rabin mita a daƙiƙa. Yayin da yake shiga, ɓangaren fuskarsa da ke cikin filin yana ƙaruwa, don haka dokar ta koma ε = Blv, inda l yake tsawon gefen da ke gaba, v kuma saurin tafiya. Ki ninka 0.1 da 0.03 da 0.5, za ki sami bolt 0.0015, wato milibolt 1.5. Ƙanƙantarsa ba ita ce babbar matsala ba, yawancin maltimitoci suna iya karanta wannan. Matsalar lokaci ce. Zobe mai santimita 3 da ke tafiya da wannan saurin yana gama shiga cikin daƙiƙa 0.06. Maltimita ta yau da kullum kuwa sau biyu ko uku kawai take sabunta lambarta a daƙiƙa guda. Kafin ta waiwayo, abin ya wuce. Da kin sayi maganaɗisu mai ninkin ƙarfi biyu, milibolt 3 za ki samu a cikin wannan ƙiftawar ido ɗin dai, mitar kuma ta sake kuskure shi.

Allura ba ta jira a sabunta mata komai, da wuta ta ratsa sai ta zabura. Abin da ya fi wannan ma, tana nuna ɓangaren da wutar ta bi, kuma in babu ɓangare babu yadda za a koyar da dokar Lenz.

Waya ita ce hanya mafi sauƙi ta ƙara ƙarfin turi. Ki sami katako ko kwali mai kauri, santimita 3 kowane gefe, ki naɗa masa waya mai kaurin milimita 0.3 sau 200, duk ta ɓangare ɗaya. Kowane naɗi yana cin santimita 12, jimilla kimanin mita 24. Kowane naɗi yana ba da nasa milibolt 1.5, su haɗu su zama bolt 0.3. Da wannan yalwar sai ki rage sauri sau goma, ki riƙa turawa santimita 5 a daƙiƙa. Turin zai sauko zuwa milibolt 30, amma zai ɗauki daƙiƙa 0.6, allurar ta sami lokacin karkata har na bayan aji ya gani. Wannan kansa darasi ne: a hankali turi kaɗan na dogon lokaci, da sauri turi mai yawa na ɗan lokaci, amma in kin ninka turin da lokacin, amsar ɗaya ce, domin yawan layukan da suka shiga zoben bai sauya ba.

Yanzu maganar faɗi, wadda ita ce na fi so ki riƙe. Tafiyar zobe ta cikin fili tana da zango uku. Yana shiga, allura ta karkata gefe ɗaya. Yana fita, ta karkata ɗaya gefen. A tsakaninsu akwai lokacin da dukan zoben yake cikin filin, yana tafiya da saurinsa, amma allurar tana kan sifili, saboda layukan da ke ratsa shi ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. A ganina wannan zango na tsakiya ya fi sauran biyun daraja a aji. Ɗalibi yakan fita da tunanin cewa motsi ne ke kawo wuta, kuma ba abin da ke cire masa wannan tunanin kamar ya ga zobe yana motsi a tsakiyar maganaɗisu allura ko gezau. Ƙaramin maganaɗisun niyodimiyam, komai lambar da aka rubuta masa, N35 ne ko N52, ba zai taɓa nuna wannan ba, domin zoben ya fi shi girma, kuma filinsa yana raguwa sosai da an ɗan matsa daga fuskarsa. Shiga da fita sai su biyo juna nan take, babu zangon tsakiya.

Saboda haka in za ki saya, ki nemi faffaɗan maganaɗisun ferayit guda biyu, baƙaƙen nan irin na bayan lasifika amma masu kusurwa huɗu, tsawo kamar santimita 10, faɗi aƙalla 5, waɗanda arewa da kudunsu suke a manyan fuskokin. Ki sa su kalli juna, fuskar arewa tana duban ta kudu, da katako a gefuna yana raba su yadda naɗin zai wuce tsakani. Ki ɗaure katakon da kyau tun kafin ki kusanto da su: suna fizgar juna da ƙarfi, suna matse yatsa, kuma ferayit yana fashewa kamar tangaran. Filin da ke tsakaninsu ba zai zama daidai ko'ina ba, yana rauni wajen gefuna, don haka allurar za ta ɗan yi rawa a zangon tsakiya. Amma bambancin da ke tsakanin wannan rawar da karkatar shiga a bayyane yake.

Sai dokar da Emil Lenz ya bayyana a 1834. Wutar da ta taso tana bin ɓangaren da zai sa ta yi adawa da sauyin da ya haife ta. Ki lura, da sauyin take adawa, ba da filin ba. Ki zana a allo: filin yana nutsawa cikin allon, zoben yana shigowa daga hagu. Layukan da ke nutsawa ta cikinsa suna ƙaruwa, sai wutar ta zagaya saɓanin hannun agogo, ta samar da nata filin mai fitowa daga allon. Lokacin fita layukan raguwa suke yi, sai ta juya ta bi hannun agogo, tana ƙoƙarin riƙe abin da ke tafiya. A duka biyun, ƙarfin da filin ke yi a kan gefen wayar da ke cikinsa hagu yake turawa, baya da tafiyar zoben. Yana hana shi shiga, yana kuma hana shi fita.

Ana iya auna wannan birkin. Mita 24 na wayar nan turjiyarta kusan om 6 ce. In kin haɗe bakunan wayar biyu da juna, bolt 0.3 zai tura amfiya 0.05. Ƙarfin birkin shi ne F = NBIl, wato 200 sau 0.1 sau 0.05 sau 0.03, niyuton 0.03. Ki ninka shi da saurin, rabin mita a daƙiƙa, aikin da hannunki ke yi wat 0.015 ne. Ki koma ɓangaren wayar ki lissafa I²R, 0.05 sau 0.05 sau 6: wat 0.015. Abin da hannu ya bayar shi ne ya zama zafi a waya, babu ragi babu ƙari. Da wutar ta bi ɗaya ɓangaren, da filin ya jawo zoben, saurinsa ya ƙaru, wutar ta ƙaru, a haka ba iyaka ba tare da kowa ya yi aiki ba. Alamar ragin nan ita ce ta toshe wannan ƙofar.

Sai dai kada ki ce wa ɗalibai za su ji birkin a hannu. Niyuton 0.03 nauyin giram 3 ne kacal. Ki rataye naɗin da zare biyu ya riƙa lilo ta tsakanin maganaɗisun. Ki sake shi bakunan wayar a rabe, su ƙirga lilon. Ki haɗe bakunan ki sake shi daga wuri ɗaya. Jan ƙarfen naɗin giram 15 ne ko kusa da haka, wannan ɗan birkin ya ishe shi, zai tsaya da wuri ƙwarai.

Idan kin haɗa komai allura ta ƙi motsi, ki fara duba bakunan wayar. Fentin da ke jikinta ba ya barin wuta ta wuce, kuma launinsa kusan na jan ƙarfe ne, sai an kankare shi har ya yi ƙyalli. A nan maltimitarki za ta yi amfani: ki sa ta a ma'aunin turjiya, in ta nuna kusan om 6 naɗin lafiya yake. In ba nan ba ne, ki duba yadda kike riƙe naɗin, domin in kin ba filin gefensa maimakon fuskarsa, layuka ba sa ratsa shi. Sannan ki tabbata maganaɗisun biyu jan juna suke yi. In turin juna suke, filayensu suna soke juna a tsakiyar ratar, daidai inda naɗin ke wucewa.

*Ni ɗalibi ne, ba ni da galbanomita. Ƙaramin ƙwan LED zai iya maye gurbinta?*

Zai iya, ɗalibi, amma da sharaɗi. Jan LED yana buƙatar kusan bolt 1.8 kafin ya haska, naɗi 200 da muka lissafa kuwa bolt 0.3 yake bayarwa. A wannan filin da wannan saurin sai ka kai naɗi 1200 kafin ka taɓa iyakar, don haka ka sayi waya mafi siranta ka wuce wannan adadin, ko ka fizgi naɗin da sauri. A nan ne ƙaramin niyodimiyam yake da rana, tunda turi mai yawa na ɗan lokaci ake nema. Ka sayi ƙwai biyu, ka jona su gefe da gefe ƙafafunsu a juye, doguwar ƙafar wannan da gajeriyar wancan. LED ta ɓangare ɗaya kawai yake barin wuta ta wuce, saboda haka ɗaya zai ƙifta lokacin shiga, ɗayan lokacin fita. Ka gwada a ɗaki mai duhu, kuma ka zaɓi ja, domin shuɗi da fari sai turi ya kai kusan bolt 3 suke kamawa.