Hukuncin sayen adireshin imel na mutane don aika musu saƙon neman taimako

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ne sakataren wata ƙungiya a nan Tawa da ke kula da karatun marayu. Azumi ya matso, muna son mu nemi taimako. Wani yaro masanin na'ura ya ce zai sayar mana da adireshin imel dubu 8 a kan jaka 25, waɗanda wata manhaja ta tsinto masa daga shafukan intanet. Muna kuma da adireshi kusan 300 na mutanen da suka rubuta sunansu a takardar halarta ranar walimar sauka. Ya halatta mu aika wa dukansu saƙo, tunda aikin alheri ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri a kan marayun nan. Jerin dubu 8 ɗin kada ku saya, kada ku aika masa saƙo. Mutum 300 ɗin kuwa akwai hanyar da za ku bi.

Rubuta wa mutumin da ba ka sani ba wasiƙa ba haramun ba ne a asali. Abin da ya sauya hukunci a nan shi ne yadda aka samo adireshin da yadda za a yi aiki da shi. Wannan manhaja tana bin shafuka ne ɗaya bayan ɗaya, duk rubutun da ta ga yana da alamar @ ta kwashe, ba ta san mai shi ba, ba ta san dalilin da ya sa aka ajiye shi a wurin ba. Likitan da ya sa adireshinsa don marasa lafiya, da ɗalibar da sunanta ya fito a takardar jami'a, da ma'aikacin da ya rasu tun bara, duka a buhu ɗaya. Babu wanda ya ba yaron izinin tattarawa, balle sayarwa, saboda haka yana sayar da abin da ba shi da iko a kansa, mai saye kuma yana taya shi.

Za ka iya cewa ai a fili adireshin yake. Gaskiya ne, amma ƙofar gida ma a fili take, kuma Allah ya ce a Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, kada mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini, idan aka ce mu koma mu koma. Hadisin Abu Musa a Bukhari da Muslim ya iyakance neman izinin zuwa sau uku. Ba na cewa akwatin imel gida ne ta kowace fuska, sai dai dalilin hukuncin yana nan: mai wuri shi ke da ikon cewa wa zai shigo masa. Malamanmu na Malikiyya suna ba al'ada nauyi, abin da aka sani a al'ada kamar sharaɗi ne da aka gindaya. Wanda ya sa adireshinsa a shafin aikinsa ya yi izini ne ga abin da ya shafi aikin. Don haka idan wata ƙungiyar agaji a Yamai ta wallafa adireshi ta ce masu neman haɗin gwiwa su rubuto, ka zauna ka rubuta mata wasiƙarta ita kaɗai, da sunanku na gaskiya, babu laifi ko kaɗan. Ka iya tunatar da ita sau ɗaya ko biyu, in shiru ka bari.

Sai batun cuta, kuma hadisin "la darara wa la dirar", wato ba cuta ba cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa. Cutar farko a kanku za ta faɗa. Akwatin Gmail na kyauta ba ya barin a wuce mutum 500 a rana, wato kwana 16 kuna aikawa, in ba a tsayar da ku ba tun a hanya. Jerin da aka tsinto cike yake da matattun adireshi, saƙo ya riƙa dawowa, a ciki kuma akan sami adireshin tarko da masu yaƙi da saƙon banza suke dasawa a shafuka musamman don su gane masu tsinta. Ƙa'idar da Gmail ta fara aiki da ita a watan Fabrairun 2024 ta ce yawan masu danna Spam a kan saƙon mai aikawa kada ya kai 3 cikin 1000. A dubu 8, ko da duka sun isa, mutum 24 ke nan. Daga nan har wasiƙar da za ku aika wa wanda ya saba taimaka muku ta fara faɗawa akwatin Spam, alamarsa ita ce mutanen da suka saba amsawa su yi tsit. Abin da ya fi damuna ma shi ne sunan marayu da aikin addini ya shiga sahun saƙon 'yan damfara a idon mutane.

Ga kuma dokar ƙasa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP a Yamai da ke sa ido a kanta, kuma adireshin imel na mutum yana cikin bayanan da ake karewa. Bin hukuma a abin da ke tsare haƙƙin jama'a wajibi ne. Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wannan, domin Allah mai tsarki ne, ba ya karɓa sai mai tsarki.

Mutum 300 na ranar walima sun san ku, da hannunsu suka rubuta, to adireshinsu amana ne a wurinku. Duba kan takardar. In an rubuta cewa za a riƙa aika musu labarin ƙungiya, izini ya samu. In halarta kawai aka rubuta, ku aika saƙo guda ɗaya gajere: ga mu, ga inda muka sami adireshinka, muna son mu riƙa turo maka labarin marayu sau ɗaya a wata, in ka yarda ka amsa da eh. Wanda ya amsa ku rubuta sunansa da ranar da ya amsa. Wanda ya yi shiru kada ku ɗauki shirunsa a matsayin yarda, bayan tunatarwa ɗaya ku cire shi. Wataƙila mutum 60 su rage, ba komai, su ne masu karantawa.

Wajen aikawa a kula da gurbin da ake zuba adireshin. Kada a sa su a À ko Cc, domin kowa zai ga na kowa, ku tona adireshin matan aure da na manyan mutane ga ɗaruruwan baƙi, kuma saƙon da ya tafi ba ya dawowa. A sa su a Cci, wanda wasu wayoyi ke nunawa da Bcc. Kan saƙon ya faɗi gaskiya. Sa Re: a farkonsa don mutum ya zaci amsar wasiƙarsa ce algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. A ƙasan kowane saƙo a rubuta yadda mutum zai ce a daina turo masa, wanda ya ce haka a goge shi cikin kwana biyu ba tare da tambayarsa dalili ba. Kada kuma ku cika su da saƙo don azumi ya zo. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake wa mutane wa'azi, da aka nemi ya yi kullum sai ya ƙi don gudun ƙosar da su, ya ce haka Annabi yake yi musu. Wannan hukunci duka ya hau kan lambobin waya da ake kwashewa daga zaurukan WhatsApp.

Idan kun riga kun karɓi jerin, ku goge shi daga na'ura da wayar duk wanda ya riƙe shi, kada ku sayar ko ku ba wata ƙungiya don mayar da kuɗinku. In an riga an aika saƙo har wani ya ba da sadaka da son ransa, ba tare da an yi masa ƙarya ba, kuɗin halal ne ga marayu, ku dai nemi gafara kada a sake. Yaron kuma a yi masa nasiha da taushi, ku ɗauke shi aikin shirya muku takardar rajista mai gurbin da mutum zai sa hannu cewa ya yarda a turo masa saƙo, a ajiye ta a hannun mutum ɗaya ko biyu da ƙungiya ta aminta da su.

Wallahu a'alam.