Amsa ga Yaya Malam a kan sarakunan da suka ce alloli ne suka haife su

Yaya Malam, na karanta tambayarka, kuma na gane abin da ke ƙarƙashinta. Ka ji labarin cewa shekarun baya na kwashi yara na kai su Jabal Barkal suka ga ɗakunan gumaka, ka kuma ji cewa 'yata tana auren Balaraben Sudan wanda danginsa ke cewa su jikokin Abbas ne, baffan Manzon Allah (SAW), shi ne kake tambaya ko mu da muka zauna a gabas mun ajiye Bayajidda mun ɗauki kakannin wasu. Ba mu ajiye shi ba. Sai dai zama a ƙasar da ake tambayar mutum ɗan wane ne kafin a tambayi sana'arsa ya koya mana kallon labaran asali da idon da ku a gida ba ku da dalilin buɗewa, domin ku ba wanda ya taɓa tsare ku ya ce ku kawo hujjar zamanku.

Jabal Barkal dutse ne mai shimfiɗaɗɗen kai a gefen Nilu, kusa da Karima a arewacin Sudan, tsawonsa kusan mita 100. A gefensa akwai wani tsauni siriri da ya rabu da shi ya miƙe sama, wanda mutanen dā suka ga kamar gamsheƙa ce ta fasa kai, irin wadda ake ɗaurawa a goshin Fir'auna. Saboda haka suka ce Amun, babban abin bautarsu, a cikin dutsen yake zaune, kuma daga nan sarauta take fitowa. Sarakunan Kush da suka tashi a nan sun ci Masar da yaƙi a zamanin Piye, wajen shekara ta 727 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka mulke ta shekaru da dama. Baƙi ne daga kudu, ga harshensu dabam, suna zaune a kan gadon da Misirawa suka saba ganin nasu a kai. Da takobi aka karɓi garuruwa, amma takobi bai isa ya sa manomi ya riƙa kawo haraji kowace shekara ba tare da soja a kansa ba. Abin da suka ce shi ne Amun na Barkal da Amun na Karnak, babban ɗakin bautarsa a Masar, abu ɗaya ne, su kuma 'ya'yansa ne, saboda haka ba ƙwace suka yi ba, gadon ubansu suka zo karɓa.

Abin da na fi so ka duba shi ne naɗin Aspelta, wajen shekara ta 600 kafin Miladiyya, domin an rubuta shi daki-daki a kan allon dutse. Sarki Anlamani ya mutu, rundunar yaƙi ta taru a gindin dutsen, mutane suna kukan cewa sun zama garke ba makiyayi. Sai shugabannin yaƙi da manyan fada suka shiga ɗakin bauta, aka jera 'yan'uwan sarki a gaban Amun, bai ɗauki ko ɗaya ba. Aka kawo Aspelta shi kaɗai, sai aka ce Amun ya faɗa cewa wannan ne sarkinku. Daga Masar mun san yadda ake irin wannan tambaya: masu hidimar gunki suna ɗauke shi a kafaɗa cikin ƙaramin jirgi, idan ya matsa gaba ya yarda, idan ya ja baya ya ƙi. Ni a fahimtata manya sun riga sun daidaita kafin a shiga, aikin gunkin shi ne ya rufe bakin 'yan'uwan da suka rasa, domin wanda ya ja da zaɓin sarakunan yaƙi ɗan tawaye ne kawai, wanda kuwa ya ja da zaɓin Amun ya tayar wa duniya hankali.

Allon bai tsaya a nan ba. Bayan ya ce Aspelta ɗan Amun ne, sai ya jero iyayensa mata har hawa bakwai, kowacce ana kiranta 'yar'uwar sarki. Wannan yana nuna maka cewa da'awar uba na sama ba ta share iyaye na ƙasa ba, tare suke tafiya, ɗaya tana tokare ɗaya. Haka Hatshepsut ta yi a Masar tun ƙarni na 15 kafin Miladiyya: a bangon ɗakin bautarta na Dairul Bahri an zana Amun ya ɗauki siffar mahaifinta Tutmos na ɗaya ya shiga wurin mahaifiyarta, amma ba ta daina girmama Tutmos a matsayin uba ba. Mace ce da ta hau gadon da wani yaro, Tutmos na uku, yake da haƙƙi a kansa, shi ya sa take bukatar hujja mai nauyi. A lura da wannan sosai, inda haƙƙin gado yake da rauni, a nan ake yawan ɗaga murya da zancen alloli. Kuma zancen bai cika kare mai shi ba. A allon Aspelta wani ya zo daga baya ya kankare sunansa da na iyayen nan mata da kurfi, alamar cewa akwai waɗanda zaɓin bai gamsar ba. Marubucin Girka Diyodorus ya ruwaito cewa masu hidimar gumaka a Marawi ta dā, babban birnin Kush na baya, sukan aika wa sarki cewa alloli sun ce ya mutu, kuma ya mutu, har sai da sarki Ergamenes ya karkashe su. Wanda ya ari sarauta daga bakin gunki, ya miƙa wuyansa ga masu magana da yawunsa.

Kada ka ɗauka ina yabon wannan. Alƙur'ani ya ba mu labarin Fir'aunan da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka da yadda ya ƙare, kuma a gindin dutsen nan na karanta wa yara ayar. Na kai su ne su ga yadda ake ƙera irin wannan da'awa, domin su gane ta idan ta canza riga. Da tauhidi ya zo, ba sarkin da zai iya cewa gunki ne ubansa, sai bukatar ta koma neman dangantaka da gida mai albarka ko gari mai daraja: sarakunan Funj na Sinnar suka ce daga Banu Umayya suke, Sefawa na Borno suka ce daga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, mu kuma muka ce daga Bagadaza. Surukina da ke cewa Abbas, da mu da ke cewa Bayajidda, rijiya ɗaya muke ɗiba. Ban taɓa ƙaryata shi ba, shi ma bai taɓa raina namu ba, jikokina kuma da Hausa suke gaishe ni.

Ɗaya ɓangaren tambayarka shi ne yadda za a raba gwarzon tatsuniya da sarki na gaskiya. Narkewar sarki na gaskiya cikin tatsuniya tana tafiya ta fuska biyu. Kakan gidan Kush sunansa Alara. Mutum ne na gaske, domin sunansa ya fito a allon 'yarsa Tabiri, matar Piye. Amma ba mu da rubutun da shi ya bari da kansa, sai abin da na baya suka faɗa. Taharka, wanda ya yi mulki daga 690 zuwa 664 kafin Miladiyya, ya rubuta a ɗakin bautar Amun na Kawa cewa Alara ya miƙa 'yar'uwarsa ga Amun suka ƙulla alkawari cewa zuriyarta za ta yi sarauta, Taharka kuwa ta wannan tsatson ya fito. Ƙarnuka bayan haka sarakuna irin su Nastasen suna ta ambaton Alara a matsayin mafarin albarka. Shugaban ƙabila ya zama mai alkawari da sama, kuma wanda ya fara ba mu labarin alkawarin shi ne wanda alkawarin ya fi amfana.

Shi kansa Taharka haka ta same shi. Tarihi ya san Assuriyawa sun karɓe birnin Manfis na Masar daga hannunsa a 671, ya koma kudu, aka binne shi a dalarsa ta Nuri. Amma bayan ƙarnuka, marubucin Girka Istarabo ya ruwaito daga wani Bagirke cewa Tearko, wato Taharka, ya kai yaƙi har Turai, har mashigar da muke kira Jabal Tariƙ a yau. Sarkin da ya rasa Masar ya zama mai cin duniya. Saboda haka idan aka kawo mini suna, abin da nake fara tambaya shi ne ko akwai wani abu daga zamaninsa, allo ko kabari ko ambato a bakin maƙiyansa, sa'an nan tazarar shekaru tsakaninsa da mai ba da labarin, sa'an nan wa ke cin ribar labarin. Idan kuma aikin da aka jingina masa ya fi ƙarfin rai ɗaya, to sau da yawa mutane da yawa ne aka dunƙule a suna ɗaya, kamar Sesostris na littafin marubucin Girka Hirodotus wanda aka tara masa ayyukan Fir'aunoni dabam-dabam. Bayajidda ba shi da allo daga zamaninsa, amma rijiyar Kusugu tana nan, sarautar Daura tana nan, kuma labarin baƙon da ya kashe macijiya ya auri sarauniya yana riƙe da tunawar wani sauyi a gidan sarauta, ko da ba za mu iya sa masa shekara ba.

Na ga wannan a cikin gidanmu. Kakana yana cikin waɗanda suka yi gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Mahaifina, wanda ya ji daga bakinsa, ya ce sun kwana biyu ba ruwa, sai kakan ya lura da inda tsuntsaye ke sauka da yamma, suka haƙa busasshen rafi da ƙorai har laima ta fito. Gwaggona kan ce ya yi addu'a ne ya nuna wurin. A bikin 'yata na ji wani yaro daga danginmu yana gaya wa dangin ango cewa kakanmu ya soka sandarsa a ƙasa ruwa ya ɓuɓɓugo, suna saurare da girmamawa, na kuwa san dalilin da ya sa yake faɗa musu haka a wannan ranar, domin su sun gama jero nasu kakannin. Hawa uku ne kacal tsakanin ƙorai da sanda. Ban katse shi a gaban baƙi ba. Da dare na kira shi na ba shi labarin tsuntsayen, na ce ya riƙe duka biyun kuma ya san wanda ya fito daga bakin wanda ya yi tafiyar. Idan Allah ya kawo ka, sandar tana rataye a ɗakina, za ka riƙe ta da hannunka.