Amsar Baban Hajara kan bola da gwangwani

Tambayar Sani: "Malam, in muna tsince gwangwani da roba ana sake sarrafa su, ai mun biya bashin iskar da bolarmu ke fitarwa ko?"

To, salamu alaikum 'yan group... 'yan zaure dai. Sani, ba ku biya ba, ko rabi ba ku biya ba. Gwangwani ai ba ya ruɓewa, roba ma haka. Abin da ke haifar da mitan, wato gas ɗin bola mai ɗumama duniya, shi ne sauran tuwo, ɓawon kankana, ruɓaɓɓen tumatir, in aka danne su a ƙasan tsibi inda iska ba ta shiga. A nan ƙwayoyin halitta ke cin su suna fitar da gas, kusan rabinsa mitan ne. Shi kuwa kilo ɗaya na mitan, a lissafin shekara 100, yana ɗumama duniya kamar kilo 28 na iskar kabon.

Ɗauki biro. Tan ɗaya na sauran abinci a bola mai zurfi, wadda ta kai mita 5, da ma'aunin kwamitin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, zai ba da mitan wajen kilo 40. Sau 28, ka ga kilo 1,120 na kabon ke nan. Yanzu alminiyam, ƙarfen da ake yin gwangwanin lemo da shi. Gaskiya ne, narka tsohon yana rage kusan kashi 95 na wutar da sabo ke ci, kilo ɗaya yana ceton kilo 10 na kabon ko fiye. Amma gwangwanin lemo wajen 70 ne ke cika kilo. Kafin ka goge tan ɗayan nan sai ka tara kusan 8,000. Unguwarku ta sha lemo 8,000? Tan ɗaya na dagwalon shara kuwa, a damina ba ya kai ku wata.

A'a, tsaya, in gyara. In bolar shimfiɗe take, ba ta kai mita 5 ba, raba biyu, kilo 20, don iska na ratsa ta. Wannan shi ne abin da na yi ta faɗa wa kwamitin unguwarmu shekarun baya, da suka ce a zuba shara a tsohon kududdufi a cike shi. Na ce ruwa ne a ƙasa, tukunyar gas za ku haɗa. Aka ce boko ya yi min yawa. Da rani ya kama sai ga hayaƙi yana tasowa daga ƙasa babu wanda ya kunna, irin dai na bolar Olusosun a Legas a 2018, ƙarami. Mutumin da ya fi kowa musu, gidansa ne farko a layin iska, har yau bai... to, a bar wannan.

Gwangwani dama 'yan jari bola ba sa barinsa ya kwana, kar ka wahalar da yaranka. Ku ware jiƙaƙƙiyar shara, ku tara tsibin da bai wuce ƙugu ba, ku riƙa juya shi da shebur duk mako. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, ƙara busasshen ganye ko yayi. Masu lambu da kansu za su zo da amalanke su sayi takin.