Jadawalin aiki na azumi, kar ka rubuta "bayan sallah" ka yi shiru

"An ɗora min rubuta jadawalin shif na azumi a wurin aikinmu, ya zan tsara maganar lokutan sallah da ragin awanni ba tare da rigima ba?"

Wallahi ɗan uwa tambayar nan taka ta taɓo min tsohon miki. A gidan mai nake aiki a Kano, wata shekara manajanmu ya manna takarda wai "za a rage lokaci saboda azumi, canjin shif bayan sallah", shi kenan fa. Wace sallar? La'asar ko magariba? Masu karɓarmu suka ce magariba ake nufi, kowa sai ya sha ruwa a gida ya ci ƙosansa sannan ya taho wajen takwas saura. Ni kuwa ana kiran sallah ina riƙe da bakin famfo, masu adaidaita sun yi layi suna ta hon, da ruwan leda ɗaya na buɗe baki a tsaye, shi kuma manajan yana ofis da kulolinsa. Ƙarshen wata ya zaftare mana kuɗi wai ai awannin sun ragu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, Allah ya isa dai.

To ka sa agogo a komai. Mu yanzu shif ɗin 6 zuwa 2 ya koma 7 zuwa 2, na yamma 2 zuwa 9 maimakon 10, kowa ya samu ragin awa ɗaya, canji kuma ya yi nesa da shan ruwa. Magariba ce kaɗai ba za ka sa mata ƙarfe kaza ba don tana matsawa cikin wata, sai ka rubuta "hutun buɗa baki minti 30 daga kiran sallah, rabi su fara tafiya, in sun dawo sauran su tafi". Kuma ka sa sunan masu fara tafiya kowane sati, in ba haka ba manya ne kullum a gaba.

Layin da na fi so ka saka shi ne "wannan ragin ba zai shafi albashi ko alawus ba", manaja ya sa hannu a ƙasa, ka ɗauki hoto ka ajiye a wayarka.

Juma'a ma ka faɗi masallacin da ake nufi, wani ɗaya da rabi yake tayarwa wani sai biyu ta wuce. Abokan aikinmu Kirista su ke riƙe mana wurin, mu kuma mu biya su ranar Lahadi da Kirsimeti, amma ka tambaye su tukuna kar kawai su ga sunansu a bango.

Af, kwanan wata ma kar ka sa, rubuta "daga ranar da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata zuwa jajiberin sallah". Goman ƙarshe kuma masu tahajjud su faɗa tun yanzu a mayar da su yamma, mu bara sai da muka sake takarda sau biyu.