Uzuri, Afuwa da Makara a Jerin Mahalarta Taro

Tambaya: Malam, ni ne sakataren kwamitinmu. A rahoton taro, bayan sunayen mahalarta, nakan rubuta "Masu Neman Afuwa" a kan sunayen waɗanda suka aiko cewa ba za su samu zuwa ba. Shugabanmu ya ce kalmar ba ta zauna ba. Wa ke da gaskiya?

Shugabanka ne ke da gaskiya, ɗan'uwa, kuma na ji daɗi da har yanzu akwai masu kunnen da irin wannan ke yi wa nauyi. Afuwa, wadda wasu ke cewa ahuwa, daga Larabci muka aro ta, kuma ba a neman ta sai bayan an yi laifi. Wanda ya kira ka da daddare ya ce gobe tafiya ta kama shi bai yi wa kwamiti laifin komai ba, hasali ma ya sauke haƙƙin da ke wuyansa na sanarwa. Idan ka sa shi cikin masu neman afuwa, ka ɗora masa laifin da bai aikata ba, kuma ka adana shi a takardar da za a karanta bayan shekaru. Wannan kuskure ya shigo mana ne daga masu ɗauko kanun rahoton Turanci suna juya shi kalma da kalma, ba tare da sun tambayi kansu abin da mutumin ya yi a zahiri ba.

Kalmar da ta dace ita ce uzuri, wato dalilin da ya hana mutum yin abin da ake jiran ya yi, wanda kuma masu hankali za su ɗauke masa zargi saboda shi. Sai ka rubuta "Waɗanda Suka Ba da Uzuri", ko a taƙaice "Masu Uzuri". Lura da aikatau ɗin da kalmar ke tafiya da su: mamba ne ke ba da uzuri ko ya aiko da shi, taro ne ke karɓa, jama'a kuma su yi wa mutum uzuri. Saboda haka "Ma'aji ya yi uzuri", da nake yawan gani, jumla ce gurguwa, domin mai karatu zai tsaya yana jiran a gaya masa wa ma'ajin ya yi wa.

Waɗanda ba su zo ba kuma ba su aiko da komai ba, su ma da nasu gurbin daban: "Waɗanda Ba Su Halarta Ba". Kada ka haɗa su da masu uzuri don kara, domin tsarin mulkin ƙungiyoyi da dama yana sauke mamban da ya rasa wasu adadin zama a jere ba tare da uzuri ba, kuma ranar da maganar ta taso, jerinka ne shaida. Ka kuma nisanci rubuta "An yi rashin Mataimakin Shugaba a zaman", domin duk Bahaushen da ya karanta "an yi rashin wane" ta'aziyya zai fara shiri. Ita kuwa halarta, tun da mun ambace ta, tana cikin kalmomin da nake ƙauna, saboda tana nuna yadda harshenmu ya mayar da harafin lodi na Larabci zuwa "l", kamar yadda ya faru a alƙali da alwala da farilla. Daga tushenta ne muka samu mahalarci da mahalarta, don haka babu dalilin rubuta "mutanen da suka zo wajen taron" alhali kalma guda ta wadatar.

Tambaya: Malam, "ba da hanzari" fa? Ina ce ita ma uzuri take nufi?

Tana nufi, malama, amma hanzari ya fi karkata ga hujjar da mutum ke kawowa don kare kansa bayan an tuhume shi ko an ƙalubalance shi. A jerin mahalarta ki tsaya a kan uzuri.

Tambaya: Malam, wanda ya shigo bayan an fara taro, a ina zan sa shi? Na saba rubuta "ya yi latti" a gaban sunansa.

Latti aro ce daga Turanci wadda ta zauna a bakin mutane, ba na faɗa da ita a hira, amma a rubutun hukuma muna da makara, muna da "a makare". Sai dai ko makarar ban so a liƙa ta a gaban sunan mutum, domin hukunci ce, aikin sakatare kuwa ya rubuta abin da ya faru ne. Abin da rahoto ke buƙata shi ne lokacin shigowa da batun da ake kai a lokacin, kuma sunan mutumin yana nan cikin mahalarta, ba a ware masa wani jeri.

Ɗauki kwamiti mai mutum 12, wanda dokarsa ta ce zama ba ya halatta sai da 7. An buɗe taro da ƙarfe 10:00 da mutum 7 cif, biyu sun aiko da uzuri, ɗaya shiru. A batu na 3 aka kaɗa ƙuri'a kan kashe wani kuɗi, 4 suka amince, 3 suka ƙi. Da 10:40 ma'aji ya shigo ana batu na 4, da 11:15 wata mamba ta shigo ana batu na 6. Idan ka jera sunaye 9 kawai a ƙarƙashin mahalarta, wanda ya karanta zai haɗa 4 da 3 ya samu 7, sai ya ɗauka mutum biyu sun ƙaurace wa ƙuri'ar ne, ko kuma kai ka yi kuskuren ƙidaya. Abin da ya fi muni, zai zaci a gaban ma'aji aka amince da kuɗin, alhali bai ji ko kalma ɗaya ba. Magani shi ne ka rubuta a gaban sunansa: "ya shigo da ƙarfe 10:40, ana batu na 4", ita ma ka yi mata hakan, sannan ka maimaita jumlar a cikin rahoton, daidai wurin da abin ya faru. Hanyar gane ko jerinka ya daidaita mai sauƙi ce: mahalarta 9, masu uzuri 2, wanda bai halarta ba 1, dole su ba ka 12. Masu uzurin nan biyu kuma ba sa shiga lissafin mutum 7 da doka ta nema, komai kyan dalilinsu.

Wanda ya aiko tun farko cewa zai makara, ka ƙara masa "ya sanar tun kafin zama". Wanda ya ba da uzurin rashin zuwa sannan ya samu hali ya zo, ka cire shi daga masu uzuri gaba ɗaya, domin suna ɗaya ba ya fitowa a gurbi biyu.

Tambaya: Malam, sai na rubuta dalilin uzurin, kamar rashin lafiya?

A'a. Sunan kawai ya isa, domin rahoto yana yawo hannu-hannu, lalurar mutum kuwa sirrinsa ce.

Tambaya: Malam, mamba ya turo wani ya wakilce shi, shugaba ya ce ai zuwa da kai ya fi saƙo. Shin na rubuta shi cikin mahalarta?

Karin maganar ba ta ce saƙo banza ba ne, cewa ta yi bai kai zuwan ba, kuma jerinka ya kamata ya nuna wannan tazarar. Mamban yana cikin masu uzuri. Wakilin kuma, in dokarku ta yarda da wakilci, ka rubuta shi cikin mahalarta tare da "a madadin wane". In ba ta yarda ba, sai ya shiga gurbin "Baƙin da Suka Halarta", ba shi da ƙuri'a, kuma ba a lissafa shi cikin adadin da zama ke halatta da shi.